Yadda ake rubuta wa shugaba wasiƙar neman sassaucin aiki saboda ciwon fargaba

Na yi shekaru ina aiki a ofishin ma'aikata na wani kamfani a nan Damagaram, daga baya abokan aiki suka zaɓe ni wakilinsu. A tsakanin waɗannan kujeru biyu na rubuta irin wannan wasiƙa, na gyara ta wasu, na kuma ga inda ake karanta ta a ajiye ba amsa. Abin da na lura shi ne, wasiƙar da ke cin nasara gajeriya ce, kuma maganar aiki ta fi yawa a cikinta. Tana faɗin wane aiki ne ya gagara, me ake so a canza, har zuwa yaushe. Wadda ke faɗuwa kuwa ita ce wadda mutum ya zuba duk abin da ke ransa, ya cika shafi uku, amma shugaba ya gama karantawa bai san me ake so ya yi ba.

Ciwon da nake nufi shi ne wanda mutane ke cewa faɗuwar gaba: zuciya ta riƙa bugawa da ƙarfi, hannu na rawa, zufa na karyowa ko da sanyi ake, numfashi na sarƙewa, barci ya ƙaurace, tunani ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Wani lokaci yakan taso gaba ɗaya kamar mutum zai mutu, ya kai ƙololuwa cikin minti 10 ko kusa da haka, sannan ya lafa.

Abin da za ka tanada

Ka samu ƙaramin littafi da alƙalami, farar takarda ko ordinater, da kwangilar aikinka ko takardar da ta jera ayyukanka in akwai. Kana bukatar takardar shaidar likita, wadda muke ce wa sartifika, da ambulan biyu, da ɗan kuɗin fotokofi. Sai kuma mutum ɗaya amintacce da zai karanta maka wasiƙar kafin ta fita. Mutum ɗaya na ce. Garin nan ƙarami ne a wajen magana, abin da aka faɗa a Sabon Gari da safe kafin la'asar ya isa Birni.

1. Ka fara da rubuta abin da ke faruwa, mako biyu

Kada ka taɓa wasiƙar tukuna. Kullum in abin ya taso, rubuta a littafinka: ƙarfe nawa, wane aiki kake yi, me ka ji a jikinka, minti nawa ya ɗauka, me ya lalace a aikin. Layi biyu sun isa.

Wata ƙanwa da na taimaka wa tana riƙe da kes a wani gidan aika kuɗi. Da ta zo wurina cewa ta yi aikin gaba ɗaya ya fi ƙarfinta, za ta ajiye. Na ce ta yi haƙuri ta yi wannan rubutu. Bayan kwana 14 muka zauna muka duba. Sau 9 abin ya taso mata, 7 daga ciki bayan azahar ne, lokacin da layi ya yi tsawo a gishe, mutane na ɗaga murya, ga kuma rufe kes na jiran ta. Da safe kusan lafiya lau take. Ta kuma taɓa samun giɓin jika 15 a kes wanda ta cika daga aljihunta, tun daga ranar in lokacin ƙidaya ya gabato sai hannunta ya kama rawa, ta ƙirga kuɗi sau huɗu ba ta yarda da kanta ba. Ashe ba aikin ne duka ya gagara ba, awa uku ne na yamma da ƙidayar ƙarshe. Wannan shi ne abin da za a iya nema a takarda.

2. Ka ga likita kafin ka ga shugaba

Dalili biyu ne. Na farko, ba kowane bugun zuciya ne fargaba ba. Ƙarancin jini na kawo shi, hawan jini da ciwon maƙoƙo ma haka. Shayi mai ƙarfi da ake sha zagaye uku, da kofi, da goro, suna ƙara shi, balle tramol. Ka faɗa wa likita gaskiyar abin da kake sha, a auna ka. Za ka iya farawa daga likitar unguwarku, in abin ya fi ƙarfinsu su tura ka babban asibitin ƙasa na Damagaram. In kuwa kana jin ciwon ƙirji mai tsanani, ko ka suma, ko tunanin hallaka kanka ya fara zuwa maka, wannan ba maganar wasiƙa ba ce, ka tafi asibiti a ranar.

Na biyu, takardar likita ce ke mayar da kokenka magana mai nauyi. Amma ka kula da abin da za a rubuta a cikinta. Ka roƙi likita ya rubuta cewa lafiyarka na bukatar a sauƙaƙa maka aiki kaza na tsawon lokaci kaza, ba sai ya ambaci sunan ciwon ba. Sirrin majinyaci haƙƙinka ne, kuma likitoci sun saba da irin wannan takarda. Ka nuna masa littafinka, zai taimaka masa ya rubuta abin da ya dace da aikinka. Ka tabbata akwai kwanan wata, sa hannu da hatimi.

In kamfaninku na da likitan da yake hulɗa da shi, ka tambaya ko sai ta hannunsa ake karɓar irin wannan takarda, don kada a mayar maka da ita. In kuma ba ka samu ganin likita da wuri ba, kana iya aika wasiƙar ka rubuta cewa takardar na nan tafe cikin mako guda, amma ka cika alkawarin.

Gargaɗi ɗaya: kada ka sayi diyazefam a hannun masu tallan magani don ka lallaɓa ka yi aiki. Yana sa barci da mantuwa, jiki kuma na saurin sabawa da shi. Mai riƙe da kuɗi ko mai tuƙi da ya sha shi ya ƙara wa kansa matsala.

3. Ka zaɓi abin da za ka nema

A nan ne aikin yake, kuma a nan aka fi yin kuskure. Mai fargaba abin da ransa ke so shi ne a raba shi da abin da ke tsorata shi kwata-kwata. Ƙanwar nan cewa ta yi a cire ta daga gishe har abada. Na hana ta, don dalili biyu. Ta fuskar aiki, an ɗauke ta ne a matsayin mai kes. In ta rubuta da hannunta cewa ba za ta iya zama a kes ba, ta ba wa kamfani hujjar cewa ba ta da amfani a kujerar da aka ɗauke ta dominta. Ta fuskar lafiya kuma, gudun abin tsoro na ba da sauƙi na ɗan lokaci, amma yana ciyar da tsoron. Wanda ya yi wata shida bai zauna a gishe ba, ranar da aka ce ya koma abin zai fi na da. Shi ya sa masu kula da wannan ciwo suke mayar da mutum ga abin da yake gudu kaɗan-kaɗan. Wasiƙarka ta bi wannan hanya: a rage, a sa wa'adi, a dawo sannu a hankali.

Kada ka wuce buƙata uku, kuma kowace ta zama abin da shugaba zai iya rubutawa a jadawalin aiki. "A rage mini matsi" ba buƙata ba ce, ba wanda ya san yadda ake aiwatar da ita. "In riƙe gishe daga ƙarfe 8 zuwa 12, da yamma in koma shigar da takardu" buƙata ce. Sauran abubuwan da na ga an amince da su sun haɗa da hutun minti 10 in abin ya taso, da izinin rabin yini sau biyu a wata don ganin likita, da cire mutum daga aikin dare na ɗan lokaci saboda barci, da ba shi umarni a rubuce maimakon a jefo masa abu biyar da baki a tsakar ofis.

Ga kowace buƙata ka tanadi amsar tambayar da shugaba zai yi a ransa: to wa zai yi aikin? Ƙanwar nan ta san akwai takardun ajiya da suka taru wata biyu ba a shigar ba, ta kuma san wani abokin aikinta ya fi son gishe a kan zaman takardu. Sai muka gina wasiƙar a kan musanya. Amma kada ka sa sunan abokin aiki a takarda sai ka tambaye shi ya yarda.

Game da wa'adi, mako 8 zuwa wata 3 shi na fi ba da shawara. Magungunan da likitoci kan rubuta don wannan ciwo ba sa aiki nan take, sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu, don haka mako biyu ba zai isa ba, za ka dawo kana roƙon ƙari. Wa'adin da ba shi da ƙarshe kuwa yana tsorata shugaba. Ka sa ranar da za ku zauna ku duba a tsakiya.

4. Ka yanke iyakar abin da za ka faɗa

Ba dole ba ne ka rubuta sunan ciwon. Mu a nan, da an ji kalmar ƙwaƙwalwa sai wasu su ce taɓin hankali, wasu su ce iska ce, kuma wasiƙa takan bi ta hannun mutum biyu ko uku kafin ta isa teburin mai ita. "Matsalar lafiya da likita ke bi" ta wadatar, sai ka bayyana yadda take shafar aikin. In shugabanka mutum ne mai riƙe sirri kana iya faɗa masa sauran da baki. Abin da aka faɗa da baki ana iya ƙara shi gobe. Abin da aka rubuta yana cikin dosiyarka har ka bar wurin.

Kada kuma ka yi ƙarya. Na ga wanda ya rubuta ciwon baya don kunya, aka ɗauke masa ɗaukar kaya aka bar shi da ainihin abin da ke damunsa.

5. Rubuta wasiƙar

Shafi ɗaya. Ko da yake tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, takardun ofis har yanzu da Faransanci aka fi yin su. Ni dai shawarata ka fara tsara ta da Hausa, don a harshenka ne za ka gane ko maganar ta miƙe, sannan ka juya ta. In Faransancinka bai kai ba, amintaccen nan naka ya juya maka. Masu buga takardu na bakin hanya sun iya aikinsu, amma wurinsu a buɗe yake, kuma takarda kan zauna a cikin ordinater bayan ka tafi. In dole sai wurinsu, ka tsaya a goge ta a gabanka. In ba hali, rubutun hannu mai tsabta ya wadatar. A shago ko ƙaramar ma'aikata inda maigida Hausa yake karantawa, ka ba shi da Hausar.

Ga yadda tata ta kasance, na cire sunaye:

*Damagaram, ranar kaza ga watan kaza*

*Daga: wance, mai riƙe da kes*
*Zuwa ga: Shugaban reshe, ta hannun shugaban sashe*
*Dalili: neman gyaran tsarin aiki na ɗan lokaci saboda lafiya*

*Ranka ya daɗe,*

*Bayan gaisuwa da girmamawa, ina sanar da kai cewa ina fama da wata matsalar lafiya wadda likita ke bi, kuma na fara magani. Takardarsa na haɗe da wannan wasiƙa.*

*Matsalar ta fi taso mini da yamma, lokacin cunkoso a gishe da lokacin rufe kes. Tana rage mini sauri, kuma ina gudun ta jawo kuskure a lissafi. Da safe ina aikina yadda na saba.*

*Saboda haka ina roƙon abu uku na tsawon mako 8, daga ranar Litinin mai zuwa. Na ɗaya, in riƙe gishe daga ƙarfe 8 zuwa 12, da yamma in koma shigar da takardun ajiya da suka taru. Na biyu, in rufe kes ɗina da tsakar rana tare da mutum na biyu. Na uku, a ba ni izinin rabin yini sau biyu a wata don ganin likita, zan riƙa sanarwa kwana uku kafin ranar.*

*Ina ba da shawara mu zauna bayan mako 4 mu duba. In an samu sauƙi, sai in fara karɓar yamma biyu a mako, har in koma cikakken aikina a ƙarshen wa'adin. In akwai wani tsarin da ya fi dacewa da reshe, a shirye nake mu tattauna.*

*Ina roƙon wannan magana ta tsaya tsakanin waɗanda ya zama dole su sani.*

*Na gode. Allah ya ƙara girma.*

*Sa hannu*

Ka lura da abin da babu a ciki. Babu neman gafara sau biyar. Babu labarin gida, ko da yake tana da nata. Babu zargin kowa. Kuma ba ta ambaci giɓin jika 15 ɗin nan ba, don an riga an rufe maganarsa, tono shi a takarda zai zama kamar ta kai ƙarar kanta. Jimlar "da safe ina aikina yadda na saba" kuwa da gangan muka sa ta, ita ce ke nuna wa shugaba cewa ma'aikaciyarsa na nan.

In wani ne a wurin aikin ke jawo maka ciwon, da tsawa ko wulaƙanci ko neman lalata, wannan ƙara ce, takardarta daban, hanyarta daban. Kada ka cusa ta cikin wannan. In ka haɗa su, za a tsaya binciken ƙarar a manta da sassaucin.

6. Ka bar ta ta kwana

Wasiƙar da aka rubuta ƙarfe biyu na dare bayan mugun yini ba ta fita da safe. Ka karanta ta washegari da murya, ka cire duk jimlar da ta fara da "ba zan iya ba" ka mayar da ita abin da za ka iya. Ka duba kwanan wata da awoyi sun dace da na takardar likita. In likita ya rubuta wata biyu kai ka rubuta uku, za a tsaya a kan wannan.

7. Miƙa ta

Kada takarda ta riga ka shiga. A al'adarmu babba ba ya son ya tsinci magana a tebur kamar sammaci. Ka nemi minti biyar a lokacin da ofis ya lafa, ba safiyar Litinin ba, ba ƙarshen wata ba, ba kuma ranar Juma'a ana shirin masallaci ba. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Ranka ya daɗe, wata ƴar magana ce ta lafiyata, na rubuta ta don kada in manta wani abu." In ka san bakinka zai sarƙe, wannan jimlar kaɗai ka haddace, takardar za ta yi sauran. Kana iya tafiya da wakilin ma'aikata.

Ka yi kofi biyu. Ɗaya ka miƙa, ɗaya a buga maka hatimi da kwanan wata a sakatariya a matsayin shaidar an karɓa, ka tafi da ita gida. Takardar likita ka sa ta a ambulan daban, a rufe, ka riƙe fotokofinta. Inda babu sakatariya, shugaban ya sa hannu a kofinka. Saƙon waya ba ya maye gurbin wannan, amma in shugaban na Yamai kai kana nan, ka aika masa hoton wasiƙar ka adana amsarsa, takardar kuma ta bi baya. Kada ka tsallake shugaban sashenka sai in shi ne matsalar. Tsallake shi na sa ya zama abokin gaba tun kafin a fara.

8. Bayan an miƙa

In an amince da baki, ka roƙi a rubuta, ko da layi biyu ne a kan kofinka. Shugabanni na canzawa, sabo ba ya sanin alkawarin tsoho. Ka tambaya a fili ko gyaran zai taɓa albashi ko wani alawus. Masu kes a wasu wurare suna da ɗan ƙarin kuɗi na riƙon kes, kuma gara ka sani tun farko da ka gani a takardar albashi. Kada ka sa hannu a kan wata sabuwar kwangila ko takardar canjin matsayi a tsaye. Ka ce za ka karanta a gida, ka nuna wa wakilin ma'aikata.

In mako guda ya wuce shiru, ka tuna masa da baki. In an kai mako biyu, ka rubuta gajeriyar tunatarwa mai ambaton ranar da aka karɓi ta farko.

In an ƙi, ka tambayi wanne daga cikin ukun ne ya gagara. Sau da yawa ɗaya ne. Ita ƙanwar nan an ba ta na ɗaya da na uku, aka ce ba mutumin da za a ware don ƙidaya. Sai ta nemi a bar ta ta yi ƙidayar a ɗakin baya, ba a gaban layi ba, aka yarda. A mako na biyar ta karɓi yamma biyu. Ba ta koma cikakken aiki a mako na 8 ba, sai da ta nemi ƙarin mako 3 da sabuwar takardar likita, kuma an ba ta ba gardama, don ta nema tun kafin wa'adin ya cika.

Idan aka ƙi gaba ɗaya, ko aka fara yi maka barazanar kora, kada ka daina zuwa aiki don fushi, rashin zuwa ba izini laifi ne da za a riƙe a kanka. In jikinka ya gaza, likita ya rubuta maka hutun jinya. Ma'aikatan kamfanoni suna ƙarƙashin dokar aiki ta 2012, mai lamba 2012-45, wadda ta ambaci matsin tunani cikin haɗurran lafiya na wurin aiki, ta kuma ɗora wa mai ɗaukar aiki nauyin wayar da kan ma'aikata da tallafa musu a kai. Wannan ba ya nufin dole a ba ka duk abin da ka rubuta, amma ya isa ka tsaya a kansa. Ka je ofishin sufeton aiki na jiha da kofinka mai hatimi, da fotokofin takardar likita, da kwangilarka. Ma'aikacin gwamnati kuwa, malami ne ko ma'aikacin lafiya, dokarsa daban ce, ta ma'aikatan gwamnati, kuma takardarsa na bin matakan shugabanni ɗaya bayan ɗaya, don haka ya fara da mai kula da ma'aikata na hukumarsa da sandikarsa, ya kuma rubuta ranar da takardar ta bar kowane tebur.